Kada Mama ta ajiye maganin sugarta

Assalamu alaikum abokina,

Ya gida ya aiki, ya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Na kalli bidiyon nan da ka turo na mai maganin gargajiya da ke cewa yana warkar da ciwon suga kwata-kwata, wallahi hankalina ya tashi da ka ce Mama na shirin ajiye ƙwayoyinta ta koma kansa.

Ka sake saurarensa da kyau. Gora ɗaya wai ita ce ta suga, ita ce ta ciwon daji, ita ce ta rashin haihuwa, alhali cututtukan nan ko sanadinsu ba ɗaya ba ne. Bai faɗi abin da ke ciki ba, ba kuma takardar gwaji ko guda, sai mutanen da ya jera suna cewa sun warke, to waye ya auna jininsu kafin su sha da bayan sun sha? Sannan ya ce a daina na asibiti, nan ne fa ya fi ban tsoro.

Shi suga matsalarsa jin sauƙi ba ya nuna komai. Mama za ta iya daina ƙwayar sugarta ta metformin ta yi makonni tana jin garau alhali sugan na sama, yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa a hankali, sai ranar da gani ya fara dishi-dishi ko ɗan ciwo ya fito a ƙafa ya ƙi warkewa. Ko da ma sugan ya sauka kar ka yi saurin murna, an sha kama irin waɗannan haɗe-haɗen da ƙwayar asibiti kamar glibenclamide an daka a ciki ba awo, tsohuwa ta sha ba ta ci abinci ba sugan ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL a na'urar awo, gumi ya karyo mata jiki na rawa, ta rikice har ta suma.

Ni ba raina tsirrai nake ba, metformin ɗin ma asalinsa daga wani tsiro aka gano shi, amma an gwada shi an san adadin da ake sha da illarsa.

Don Allah ta ci gaba da maganinta. Ku riƙa auna ta da safe kafin ta karya kuna rubutawa, in sugan yana wuce 130 mg/dL a kai a kai ku koma wurin likita, ku nemi gwajin HbA1c, shi ke nuna yadda sugan yake a wata 2 zuwa 3 da suka wuce. In har ta riga ta fara shan na gorar ku tafi da ita likita ya gani, kada ku ɓoye masa, kuma ku ce a duba ƙodarta.

Ka gaida Mama da iyali, ina jiran sakamakon.

Naka abokinka