Wayar aro ta jawo wa yaron shagona asarar naira 320,000

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga kan yadda cacar ƙwallo ta waya ta shiga jikin samarinmu, kuma ban ga ƙarya a ciki ba. Sai dai duk waɗanda wakilinku ya zanta da su mutane ne da aka cinye. Akwai waɗanda ba a ji ta bakinsu ba, wato waɗanda suka ci, aka rufe masu asusu, kuɗin ya tafi da shi. Ni mai gyaran waya ne a Mararaba, ina kuma da na'urar POS a shagon, don haka irin wannan kuka yakan fara sauka ne a kan bencina.

Kafin malamai su yi mini ca, bari in faɗa tun yanzu: ba na caca, na san hukuncinta, kuma yaran da ke ƙarƙashina sun gaji da jin faɗana a kanta. Amma haramcin abu ba ya hana a bayyana yadda ake cutar mutane a cikinsa.

Yaron da ke koyon gyara a wurina ya buɗe asusu a wani kamfanin caca da ba zan kama sunansa ba. Ya yi wata bakwai yana zuba ɗari biyar, dubu ɗaya, har abin da ya saka gaba ɗaya ya kai kusan naira 60,000. Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya tambaye shi ko da katin shaida. Ran wata Lahadi ya haɗa wasanni 12 a tikiti guda da naira 500, duk suka shigo, kuɗin ya zama 320,000. Ya danna cirewa, sai allon ya tsaya a kan Pending. Bayan kwana biyu aka ce ya turo takardar NIN da hotonsa riƙe da ita. Ya tura. Aka ce ya ƙara da bayanan asusunsa na banki na wata uku. Ya tura. A kwana na tara saƙo ya shigo cewa an gano yana da asusu fiye da ɗaya, an rufe, an soke abin da ya ci. Naira 2,000 da ya saka a ƙarshe kaɗai suka mayar masa.

Yaron nan ya rantse mini da Allah asusunsa ɗaya ne, kuma gaskiya ya faɗa. Sai da muka zauna muka bi abin daki-daki muka gano inda gizo ke saƙa. Wata huɗu kafin nan, abokin ɗakinsa ya fasa sikirin, wayar ta kwana uku a shagona muna jiran kaya. A cikin kwanakin ya ari wayar yarona, ya buɗe nasa asusun a kamfani guda, ya karɓi garaɓasar sababbin shiga. Da yake manhajar bankinsa tana cikin wayar da ta fashe, sai ya ba yarona tsabar kuɗi naira 5,000, yaron kuma ya tura masa su cikin asusun cacar daga nasa asusun bankin. Shi ke nan. A idonmu aron waya ne tsakanin abokan ɗaki. A idon na'urar kamfanin kuwa, waya ɗaya ce da asusu biyu, garaɓasa biyu, kuɗi daga aljihu ɗaya.

Sharaɗin yana nan a rubuce, cikin dogon Turancin da kowa ke danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Kusan duk kamfanonin nan suna da irinsa: asusu ɗaya ga mutum ɗaya, garaɓasa kuma sau ɗaya ga gida ɗaya, adireshi ɗaya, waya ko kwamfuta ɗaya, lambar IP ɗaya, wato adireshin da ake shiga intanet da shi, kati ko asusun banki ɗaya. A ƙasansa sai su ƙara cewa idan suka yi zargin an saɓa, suna da ikon rufe asusun su riƙe abin da aka ci. A lura, zargi suka ce, ba su ce hujja ba.

Don adalci, ba banza suka sa wannan doka ba. Akwai masu cin garaɓasa da gangan, kuma lissafinsu mai sauƙi ne. A ce kamfani yana ba sabon shiga kyautar naira 10,000 ya buga da ita. Mutum ya buɗe asusu biyu, ɗaya da sunansa ɗaya da sunan ƙaninsa. A wasa guda, asusun farko ya ce za a ci ƙwallo uku ko fiye, wato Over 2.5, na biyun ya ce biyu ko ƙasa, Under 2.5, kowanne a kan 1.90, wato duk naira ɗaya ta dawo da naira 1.90 idan ya shigo. Ko yaya wasan ya tashi, dole ɗaya ya shigo. Kuɗin ya zama 19,000, idan aka cire uwar kuɗin kyautar saura 9,000, ba tare da ya yi kasadar sisinsa ba. Mai asusu goma ya tashi da 45,000 a yammaci guda. Shi ya sa suke ɗaure garaɓasar da sharuɗɗa, a ce sai ka juya ta sau kaza kafin ka cire, shi ya sa kuma suke farautar asusun da suka haɗa dangi.

Yadda suke farautar shi ne ɓangaren da sana'ata ta sa na fahimta. Duk lokacin da ka buɗe manhajarsu ko shafinsu, wayarka tana ba da labarin kanta: ƙirarta, tsarin da take kai, girman sikirin, harshen da aka saita, agogon yankin, da wasu lambobi da manhajar ke ajiyewa a ciki. Idan aka haɗa waɗannan sai su zama kamar zanen yatsa. Fita daga asusu ba ya goge wannan, cire layi a sa wani ma ba ya gogewa. Sai su ɗora lambar IP a kai, su ɗora sunan da ke kan asusun bankin da kuɗi ya fito, su duba ko asusun biyu suna buga wasanni iri ɗaya a lokaci ɗaya.

Lambar IP ita kaɗai hujja ce mai rauni a ƙasar nan. Kamfanonin layi suna raba lamba guda ga mutane masu yawa a lokaci ɗaya, don haka za ka iya haɗa IP da wanda ba ka taɓa gani ba. Haka wayifai na gidan kallon ƙwallo, ko wanda ya kunna wa abokai biyar data daga wayarsa a majalisa. Amma waya ɗaya da asusun banki ɗaya, waɗannan su ne masu kisa, kuma duka biyun sun hau kan yarona.

Abin da ke damuna shi ne, wanda ya rubuta dokar nan yana tunanin gidan da miji da mata da 'ya'ya biyu ke zaune, kowa da wayarsa. Mu kuwa gidan haya guda yana ɗauke da samari ashirin a adireshi ɗaya. Waya tana yawo daga hannun wa zuwa ƙani zuwa maƙwabci. Rabin wayoyin da ke zuwa bencina na hannu ne, sun bi ta masu su biyu ko uku. Ga layukan da aka daɗe ba a yi amfani da su ba, kamfani ya sake sayar wa wani, ka je rajista ka tarar lambar tana da tsohon asusu. Ga masu ba mai POS kuɗi ya tura masu, a wayi gari asusun caca talatin duk kuɗinsu daga wuri ɗaya ya fito. Ni dai tun daga wannan abu na daina irin wannan turawar.

Kuma babbar tambayar da nake so wakilanku su yi wa kamfanonin ita ce ta lokaci. Ranar da abokin ɗakin ya shiga da wayar, na'urarsu ta gani a wannan daƙiƙar. Me ya hana su rufe asusun a ranar? Sun ci gaba da karɓar kuɗin yaron wata huɗu cur bayan laifin da suke ikirari. Da ya ci gaba da faɗuwa shekara goma, da babu mai tuna masa da wata doka. Kuma naira 500 ɗin da ya ci da ita guminsa ce, ba ta da haɗi da garaɓasar kowa. Idan garaɓasar 5,000 ce aka ci ba bisa ƙa'ida ba, a cire ta mana. Ta yaya laifin dubu biyar ya zama tarar dubu ɗari uku da ashirin?

Wannan ba abu ne da ya gagari gyara ba. A Birtaniya, tun watan Mayun 2019 hukumar da ke kula da caca ta wajabta wa kamfanoni su tantance suna da adireshi da ranar haihuwar mutum kafin ya fara bugawa, ta kuma hana su ɓoye buƙatar takardu sai ranar cire kuɗi, matuƙar za su iya nema tun farko. Mu da muke da BVN da NIN, tantance mutum a ranar rajista aikin minti biyu ne ga wanda ya so.

Sai maganar inda za a kai ƙara. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, sai a Abuja kawai. Yarona yana kwana a jihar Nasarawa, tafiyar 'yan mintuna daga iyakar Abuja, kamfanin kuma lasisin Legas ne a ƙasan shafinsa. Na sa ya rubuta wa kamfanin ta imel, ya nemi su faɗi lambar sharaɗin da ya karya da asusun da suka ce nasa ne. Suka amsa da layi biyu, cewa hukuncinsu na ƙarshe ne. Ba shi da hoton tikitin ma, domin rufe asusun ya tafi da tarihin komai. Wanda duk ya ga cire kuɗinsa ya tsaya, ko aka rage masa iyakar abin da zai iya bugawa, ko garaɓasa ta daina zuwa masa, to mai yiwuwa an sa masa ido ne, ya ɗauki hoton tikiti da ragowar kuɗin tun asusun yana buɗe.

Na ce masa mu rubuta wa hukumar caca ta Legas da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Ya yi shiru, can ya ce, "Oga, idan takarda ta kai ga Baba a gida fa?" Ɗan Musulmi daga Katsina, ya je ya sa hannu cewa an cinye masa kuɗin caca? A Kano ma, inda Hisbah ta rufe shagunan caca a 2024 harkar ta koma cikin waya, wa zai fito ya ce shi ne? Ina zargin wannan kunyar ce ta sa ba ku samu ko mutum ɗaya irinsa ba a rahotonku.

Roƙona, ku tura wakili ya tambayi manyan kamfanonin nan asusu nawa suka rufe bara bisa wannan dalili, nawa daga ciki aka rufe a ranar cire kuɗi, kuma kuɗin da aka riƙe aljihun wa suka shiga. Idan wakilin ya biyo ta Mararaba, yaron ya yarda zai nuna masa saƙonnin, muddin ba za a buga sunansa ba.

Naku,
Mai gyaran waya,
Mararaba, Jihar Nasarawa