A kan sanarwar gyaran titin unguwarmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ofishin kansilan unguwarmu a nan Maraɗi ya liƙa takarda da Hausa a kan gyaran titinmu, abin da muka saba gani da Faransanci. Na yaba, kuma ina so in jawo hankalin maƙwabta ga abu ɗaya a cikinta.

Takardar ta ce za a fara da magudanar ruwa, sannan jar ƙasa, kwalta sai a ƙarshe. Wasu na cewa jan ƙafa ne. Ni da na yi shekaru ina aikin hanya na san ba haka ba ne. Ƙasarmu rairayi ce, ruwan Agusta kuwa in bai samu hanyar gangarawa Gulbi ba, ƙarƙashin titi yake shiga. Kankaren magudana yana son kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, ana shayar da shi ruwa a makon farko. Jar ƙasar kuma ba a jibge ta gaba ɗaya, sai shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace kamar santimita 20, a yayyafa ruwa, injin daɓe ya bi ta kai. In mota mai kaya ta wuce ta bar sawun taya ya lotsa, daɓen bai yi ba, kwaltar da aka zuba a kai ba za ta kai damina biyu ba.

Ƙorafina ɗaya: takardar ta ce za a rufe rabin titin, amma ba ta faɗi inda masu amalanke da 'yan kabu-kabu za su bi ba. Mai girma Kansila, a ƙara mana wannan.

Naka,
Wani mazaunin Maraɗi