Wasiƙa Zuwa Ga Ummi, Kafin Ki Sa Hannu a Bashin Nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan.

Gwaggonki ta zo jiya, cikin hira take ce mini wai za ki karɓo saitin kujeru bashi saboda Sallah, ki riƙa biya wata-wata. Ummi, tun da na ji ban samu barci ba. Baƙin Sallah kwana 3 za su yi su watse, amma mai kujera kowane ƙarshen wata yana ƙofar gidanki, har maƙwabta su gane sallamarsa. Kin san abin da bashi ya yi a gidan kawunki. Ba sai na maimaita ba.

Ai kujera ma ba ita ce maganin yawan baƙi ba. Mai zaman mutum 3, mutum 3 ɗin za ta ɗauka, sauran su tsaya cirko-cirko. Ki tura waɗanda kike da su jikin bango ki bar wa dattawa, ki fitar da teburin tsakiya, ki shimfiɗa tabarmi da darduma. Wurin da teburin nan ya cinye sai mutum 6 su zauna su ci abinci. Kuma kada ki ƙirga duk wanda zai zo, tunda ba lokaci guda suke zuwa ba. Ayari mafi girma za ki ƙirga, wato ranar da dangin mijinki za su zo gaba ɗaya.

To, ga lissafin. Ki fara ware kuɗin abinci da goron Sallah na yara, kada ki taɓa su ko da wasa. Abin da ya rage shi ne na kwalliya, ki kasa shi kashi 10: labule 4, fenti 3, shimfiɗa 2, kashi 1 kuma ki ƙulle shi, don ƙusa da ƙwan fitila da kuɗin mota sukan fito daga baya. Duk wannan falo kawai nake nufi. Uwar ɗaka wanki da guga sun ishe ta.

Labule shi ido ke fara sauka a kai, nan kuma ake yin asara don rashin awo. A ce faɗin tagarki ƙafa 4 ne. Sandar labule za ta kai ƙafa 5, sai ki sa falle biyu na yadi mai faɗin inci 60, don ya samu tattara. In kika sa falle ɗaya, zai miƙe kamar zani a kan igiya, kowa ya gane ƙwauro aka yi. In har ƙasa kike so, kowane falle yadi 3 ne da kalmasa, taga ɗaya yadi 6 ke nan. In ya tsaya ƙasan taga kaɗan, yadi 4 ya isa. Ni dai tagar da kujera ta tare, gajere nake ganin ya dace da ita, don ba mai leƙa bayan kujera. Ki kai wa tela da saura mako 3, in ba haka ba sai daren Sallah ki karɓi ɗinkin gaggawa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Fenti kuwa, ki shafa tafin hannunki a bango tukuna. In ya fito da gari fari, sai an kankare an goge, in ba haka ba sabon zai ɓare tare da tsohon. In ƙasan bangon yana da danshi, kada ki zuba kuɗinki a wurin, zai kumbura ya fashe. Falo mai ƙafa 12 kowane gefe, galan ɗaya na lita 4 shafa ɗaya zai yi masa. Ki sayi launin da ke jiki, shafa ɗayan ta wadatar. Da kin canza launi, musamman daga mai duhu zuwa mai haske, galan 2 ke nan ko fiye. Kada mai fenti ya cika masa ruwa don ya yi auki, zai bushe shara-shara, tsohon datti yana leƙowa. A gama da saura mako guda, warin ya fita kafin ki sa turaren wuta.

Na san abin da ke ranki. Sallarki ta farko ce a ɗakinki, kina tsoron bakin facaloli. Amma ni ban rene ki don ki riƙa auna kanki da falon wata ba, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a bakin gwaggonki na ji. Ko mijinki ya sani? In bai sani ba, ki gaya masa yau.

Ba faɗa nake miki ba, 'yar nan, tsoro ne. Babbar dardumar nan ja na sa an wanke, ƙaninki zai kawo miki ranar Asabar tare da tabarmi biyu. Ki auna tagoginki ki ba shi awon a takarda, faɗi da tsawo. Babanki yana gaishe ku.

Mahaifiyarki.