Kada Ma'aikaci Ya Amsa Takardar Tuhuma Da Ban Haƙuri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kweri. Na daɗe ina sakataren reshen ƙungiyar ma'aikata kafin in yi ritaya, kuma yawancin waɗanda na ga sun rasa aiki, amsar da suka rubuta da hannunsu ce ta kayar da su tun kafin su zauna gaban kwamiti.

Mu tarbiyyar da muka taso da ita, idan babba ya yi maka faɗa ba ka ja da shi, haƙuri kake bayarwa. Wannan ɗabi'a ce mai kyau a zaure. Amma da zarar ka rubuta "a yi haƙuri, ba zan sake ba" a takarda, aka jefa ta cikin fayil, ta zama iƙirari. Mutane da yawa suna ɗauka amsar kweri sharar fage ce, za a kira su daga baya su yi bayani baki da baki. Ba lallai ba ne a kira su. A shari'ar Imonikhe da bankin Unity a 2011, Kotun Ƙoli ta ce idan mai aiki ya ba ma'aikaci tuhuma a rubuce, ya ba shi damar amsawa, ya kuma amsa kafin a yanke hukunci, to an saurare shi ke nan. Wato wannan 'yar takardar tana iya zama ita ce dukan shari'arka.

Bara ɗan ƙanwata, wanda ke riƙe da sito a wani kamfanin casar shinkafa, ya zo mini bayan magariba ranar wata Alhamis jikinsa a sanyaye. An ba shi takarda mai layi uku: ya bayyana cikin awa 24 dalilin da zai hana a hukunta shi bisa "sakaci da ya jawo wa kamfani asara". Har ya riga ya rubuta amsa, shafi guda cur na roƙo, da ambaton mata da yara da tsohuwa a gida. Na ce masa, "Wane sakaci ka yi?" Ya ce, "Wallahi Kawu ban sani ba." Na ce to ka ga ka rubuta tuba a kan laifin da ba ka san shi ba. Muka yaga ta.

Tuhumar da ba ta faɗi rana ba, ba ta faɗi abin da aka yi ba, ba ta faɗi ƙa'idar da aka karya ba, babu mai iya kare kansa daga gare ta. Dokokin aikin gwamnatin tarayya ma sun fayyace haka: tuhuma ta zama takamaimiya, ta bayyana yadda laifin ya auku, da dokar da aka saɓa, da hukuncin da zai iya biyo baya, kuma idan magana ce da za ta iya kai wa ga kora, a bar ma'aikaci ya ga takardun da za a kafa hujja da su a kansa. Kamfani mai zaman kansa ba ya ƙarƙashin waɗannan dokoki, littafin sharuɗɗan aikinsa shi ne madogara, amma ma'aunin da alƙali zai duba bai yi nisa da wannan ba.

Abin da muka rubuta a daren bai wuce layi shida ba. Ya karɓi takarda ranar kaza da ƙarfe kaza. A shirye yake ya amsa, amma yana neman a sanar da shi kayan da ake magana a kai, da ranakun, da sashen littafin sharuɗɗa da ake cewa ya saɓa, a kuma ba shi kwafin rahoton ƙidaya. Yana roƙon a fara lissafin wa'adin daga ranar da aka ba shi waɗannan. Ya kai kwafi biyu da safe, kafin awa 24 ta cika, aka buga masa hatimin karɓa a ɗaya ya dawo da ita gida. Wannan kwafin mai hatimi kada a raina shi. Na sha ganin an ce ma'aikaci "ya ƙi amsawa" alhali amsarsa tana kwance a aljihun teburin wani. Kuma ko tuhumar ta kai ina wajen rashin kan gado, kada mutum ya yi shiru wa'adi ya wuce, domin wanda aka ba dama ya ƙi amfani da ita ba zai je kotu ya ce an hana shi magana ba.

Ranar Litinin suka fito da maganar a fili: buhu 40 na shinkafa mai kilo 50 ne ba a gani ba tsakanin ƙidayar wata biyu. Yanzu aka sami abin kamawa. Ya nemi a buɗe littafin ƙofa na masu gadi, aka gwada shi da littafin sito. Sai ga buhu 25 sun fita wata Asabar da ya ɗauki izinin zuwa suna, da sa hannun manajan sashensa a takardar fitar da kaya, amma ba a shigar da su littafin sito ba. Saura 15 kuwa nasa ne. Ruwa ya taɓa wasu buhuna a damina, aka kai su a sake shanyawa, bai rubuta fitarsu ba, da suka dawo kuma aka haɗa su da wani rukuni. Na ce ya faɗi wannan yadda yake, ban yarda a yi ƙarya a amsa ba, ko don tsoron Allah ko don ƙarya ɗaya da aka kama tana rusa sauran gaskiyar. Amsar ta rabu gida biyu: buhu 25 ban da hannu, ga hujja, buhu 15 na yi kuskuren rubutu, kayan suna nan, ga inda suke.

Da aka kira shi gaban kwamiti, sai ga manajan nan zaune cikin masu hukunci. Ga duk mai shakka a kan cewa mai hannu a magana ba ya zama alƙalinta, akwai shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986. Bayan tarzomar ɗalibai a 1983, wanda ya shugabanci kwamitin bincike babban jami'i ne da tarzomar ta shafa shi kansa, kuma wannan na cikin dalilan da Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban. Ɗan ƙanwata ya faɗi cikin ladabi cewa manajan shaida ne a maganar buhu 25, yana roƙon a rubuta ƙorafinsa. Shugaban zaman, mutumin kirki, ya ce manajan ya koma kujerar shaida. Da ma haka aka koya mana tun a makarantar allo da zaure: da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai aika Sayyidina Ali Yaman, ya hore shi kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji na farko.

Sai batun ɗan rakiya, inda nake ganin dokarmu ta bar giɓi. A Birtaniya, dokar 1999 ta ba ma'aikaci haƙƙin zuwa zaman ladabtarwa da abokin aiki ko jami'in ƙungiya. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta da irin wannan sashe. Abin da muke da shi shi ne shawara mai lamba 166 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, wadda ta ce ya kamata a bar ma'aikaci ya sami mai taimaka masa wajen kare kansa, da kuma sashe na 254C na tsarin mulki, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba kyakkyawan tsarin aiki na duniya. Saboda haka a nan roƙo ake yi, kuma a rubuce ake yinsa tun kafin ranar, domin idan aka hana, hanin ma ya shiga fayil.

Shi ɗan ƙanwata, kamfanin sun yarda ya zo da abokin aikinsa, bisa sharaɗin ba zai yi magana ba. Wani zai ce to mene ne amfanin beben ɗan rakiya? Amfaninsa biro da takarda. Wanda ake tuhuma, mutum biyar sun zuba masa ido, ba ya iya tuna rabin abin da aka tambaye shi. Abokin ya rubuta kowace tambaya da amsarta. Bayan kwana biyu aka kawo rahoton zama a sa hannu, sai ga shi an rubuta "ya amsa laifinsa", babu bambanci tsakanin 25 da 15. Da rubutun abokin aka nuna ainihin abin da ya faɗa, aka gyara, sannan ya sa hannu. Da shi kaɗai ya shiga, da maganarsa ce za ta kara da ta mutum biyar. Shawarata wajen zaɓe, a ɗauki mai natsuwa da saurin rubutu wanda ba shi da hannu a maganar, a bar mai zafin kai a waje, kuma kada a ɗauki wanda za a buƙata a matsayin shaida.

A ƙarshe takardar gargaɗi aka ba shi a kan buhu 15, kuma na ce masa ya cancance ta. Yana nan bakin aikinsa.

Kada kuma a ɗauka kotu za ta mayar da kowa kujerarsa. Ma'aikacin gwamnati da doka ta kafa sharuɗɗan aikinsa, idan aka kore shi ba bisa ƙa'ida ba, kotu takan soke korar ta mayar da shi, kamar yadda aka yi a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. Na kamfani kuwa galibi diyya ake ba shi, bayan ya sha zirga-zirga, aikin kuma ya tafi. Shi ya sa na fi damuwa da awa 24 ɗin farko a kan zuwa kotu.

Malam Edita, roƙona biyu ne. Lauyan da ke amsa tambayoyin masu karatu ya buga mana samfurin amsar tuhuma da Hausa, wanda direba da maigadi da leburan sito za su iya ɗauka su kai a juya musu. 'Yan'uwana na ƙungiyoyin ƙwadago kuma, idan an zauna sabunta yarjejeniya da masu kamfani, bayan an gama ja-in-ja a kan alawus, a saka layi ɗaya da ke cewa duk wanda aka kira gaban kwamitin ladabtarwa yana da damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiya, kuma za a ba shi kwafin rahoton zama kafin ya sa hannu.

Wassalam.

Naku,
Tsohon sakataren reshen ƙungiyar ma'aikata,
daga Zariya.