Takardar da ke cikin adakar kaka ba ita aka bi aka gina gidan ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta gajeren labarin da kuka buga na yarinyar nan ɗalibar zanen gine-gine da ta dawo hutu Sakkwato ta buɗe adakar kakarta ta tarar da filan, wato taswirar ginin tsohon gidansu, a ƙarƙashin zannuwa, kuma wallahi labarin ya taɓa ni, don aikina kenan tun ina saurayi, zanen taswirar gini, har na aje. Marubuciyar ta san gidan Hausa, ta san ƙofar zaure da ta shigifa ba su kallon juna don kada na waje ya hango cikin gida, ta san inda ake sa turaka da madafi da rijiya. Allah shi ƙara basira. Amma akwai wuri uku da nike son in yi magana a kai, don yaranmu masu karatun wanga fanni za su karanta su ɗauka haka abin yake.

Labarin ya ce da waccan takarda aka gina gidan tun zamanin kakan kakarta. Wannan bai yiwuwa. Maginan gargajiya ba su aiki da takarda, maigida da magini ne za su tsaya a fili, magini ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa ko da sanda ya ce nan zaure nan ɗaki, a auna da taki da kamu, a haƙa tushe a fara jera tubali, sauran lissafin duk yana kansa ya gada daga ubansa. Kuma gidan ba rana ɗaya ake gama shi ba, ɗa ya yi aure a yanka masa sashe, a ƙara ɗaki, wani ya faɗi da damina a tada shi a wani gefen. To takardar da za a samu cikin adaka ta bayan gini ce, wani safiyo ko mai zane ne ya zo ya auna gidan da ke tsaye ya zana, galibi don neman takardar mallaka ko rabon gado ko lokacin da za a fasa hanya ta unguwa. Irin waɗannan sun yawaita bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978. Kuma da yarinyar ta duba awon da ke jiki za ta yi kirdadon shekarunta, in ƙafa da inci ne to ta girmi lokacin da ofisoshi suka koma mita, ko kuma wanda ya zana tsohon hannu ne da bai saki inci ba.

Wannan bai rage wa takardar daraja ko kaɗan, don hoton gidan ne a shekara guda, da sunan wanda ke kowane ɗaki in an yi sa'a.

Na biyun shi ya fi damuna. Akwai inda ɗalibar ta ga a filan wasu 'yan zane kamar ƙusoshi sun ɓullo daga bangon ɗakin kakar, biyu nan biyu can suna fuskantar juna, sai ta ce hannun mai zanen ne ya goce, ta share su a sabon zanenta. Haba! Ai nan ne duk ilimin gidan yake. Bari in yi lissafin yadda ya kamata ta yi. Tsofaffin filan da yawa sikelinsu kashi ɗaya cikin takwas na inci shi ne ƙafa ɗaya, to in ta aza rula ta ga faɗin ɗakin inci ɗaya da rabi, ɗakin ƙafa 12 ne kenan, wajen mita 3.6. Ita kuwa azara, wadda ake tsagawa daga giginya, tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika cinta ba, amma in aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi ba ta wuce kamar ƙafa 6 ba tare da ta fara lanƙwasa ba. To ya aka yi aka rufe ɗaki mai ƙafa 12 da icen da iyakarsa 6? Ko dai a tsaida ginshiƙi a tsakiya, wanda da akwai shi da an gan shi a filan, ko kuma a yi baka. Waɗannan ƙusoshin da ta share ƙafafun baka ne. Magini na dasa azara cikin bango tun daga ƙasa, ya riƙa ɗaura wata kan wata da igiya kowace na ɗan sunkuyowa ciki, ana lulluɓe ta da ƙasa ana bari ta bushe kafin a ƙara, har ta wannan bango ta haɗu da ta wancan a sama. Bakan shi ke raba rufin gida-gida yadda gajerun azara za su iya hayewa. Biyu nan biyu can na nufin baka biyu ne jere, kuma da a ce dukkan bango huɗu na da su to sun gitta juna kenan, rufin ya tashi ya yi tulluwa. Irin wanga aiki ne shahararren maginin nan Babban Gwani ya kai ƙarshensa a masallacin Juma'a na Zariya, kuma ɗakin da aka yi wa haka a gida ba na kowa ba ne, na wanda ake ji da shi ne. Ashe takardar na gaya wa yarinyar matsayin kakarta a gidan, ita kuma ta sa abin gogewa.

Sai ƙarshen labarin, inda ta yi alkawarin sake gina gidan sak yadda yake a filan amma da bulo da kwano don kaka ta ji sanyin ɗakinta na da. Ba za ta ji ba. Filan daga sama yake kallon gida, bai nuna tsawon bango ko kaurin rufi. Bangon tubali a gindi yakan kai ƙafa biyu ko fiye, yana sirancewa in ya yi sama, ga ƙasa mai kauri a kan azara, ga taga 'yar ƙarama can sama. Zafin rana na ɗaukar awoyi kafin ya ratsa wannan kauri, sai dare ya yi sannan ya iso ciki, lokacin kuma mutane na tsakar gida kan tabarma. Bulo mai inci tara da rami a cikinsa da kwano a kai, a watan Afrilu na Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, kafin azahar ɗakin ya zama tanda ko da an bi filan layi-layi.

Ban ce ginin ƙasa ba shi da wahala ba, yana da ita sosai. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba rufi an yi yaɓe, a share indararo, don in ya toshe ruwa ya kwanta a sama ya jiƙa kan azarar da ke cikin bango, sai ka ga tabo mai duhu a kusurwa da tsaga siririya, daga nan ruwan Agusta ɗaya ya isa ya kawo rufin ƙasa. Da makuba ake shafe bango, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, yanzu masu haɗa ta sun yi ƙaranci, sai mutane su shafa siminti kan ƙasa, shi kuma bai kama ta, ruwa ya shiga bayansa ya ɓoye yana cin bango har ranar da zai ɓanɓaro gaba ɗaya.

Roƙona Malam Edita, ku isar wa marubuciyar da wannan, in za ta ci gaba da labarin ta tura ɗalibar wajen tsofaffin magina na cikin gari, su Kanwuri da Ƙofar Rini, ta baje musu takardar su karanta mata ƙusoshin, ta zana yankan gini na gefe da kaurin bango da tashin baka. Masu irin wagga takarda a gida kuma don Allah kada a kai ta leminetin kuma kada a liƙa mata salatif, kada a shanya ta a rana don shuɗin layin na dushewa, a buɗe ta a hankali a inuwa a ɗauki hoto da waya tare da rula a gefenta, sannan a aje ta a shimfiɗe tsakanin farar takarda biyu inda laima ba ta kaiwa.

Naku,
Wani tsohon mai zanen taswirar gini, Sakkwato.