Malamin da kuka gayyato bai faɗi rabin zancen canza suna ba

Malam edita, salamu alaikum.

Shirinku na daren Talata ya ɓata mini rai. Baƙon naku ya ce canza suna takardu biyu ne, ka rantse a kotu, ka buga a jarida, shi ke nan. Bai ko ce mana dokar Najeriya yake karantowa ba, alhali mu da ke saurare muna Maraɗi. Washegari maƙwabcina ya fara neman jaridar da zai buga sunansa, shi da takardar haihuwarsa ta nan Nijar ce. Na ce masa, Alhaji, kai taka hanyar wajen alƙali take, sai ya yanke hukunci kafin a taɓa takardar haihuwa.

Ko a Najeriyar ma ba haka ba ne, mun sha wuyar abin a gidana. Maiɗakina 'yar Jibiya ce, tana sarin atamfa, asusunta na banki a Katsina yake. Lokacin da aka yi mata BVN, wato lambar tantance masu asusun banki a Najeriya, sunan rana ta bayar, wanda kowa ke kiranta da shi. Da za ta koma sunanta na yanka muka je babbar kotu, ta rantse gaban jami'in rantsuwa, aka buga hatimi. Muka kai sanarwa jarida: a da ana kirana kaza, yanzu kaza, tsofaffin takarduna suna nan daram. Muka yanko ɗan gurbin da almakashi, bai fi faɗin kwalin ashana ba, muka nufi banki da murna.

Ma'aikaciyar ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce shafin gaba ɗaya take so, wanda ke ɗauke da sunan jarida da kwanan wata. Da muka samo shi ta duba, sai ga harafi ɗaya ya faɗi a sunan mahaifi, na jarida bai yi daidai da na rantsuwa ba. Muka sake biya, aka sake bugawa. Zuwa na uku kuma aka ce mu fara gyara NIN tukuna, wato lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya, don banki ba ya canza BVN sai ya ga sabon sunan a katin shaida. Ashe jerin shi ne rantsuwa, jarida, NIN, sannan BVN, sai sunan asusu a ƙarshe. Sau huɗu muna bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina, kuɗin mota ya fi na takardun.

Wannan ya kamata baƙonku ya faɗa, ba ya zauna yana cewa “abu ne mai sauƙi” ba. Ku dawo da shi ya gyara, ku haɗa shi da wanda ya san dokar ƙasar nan.

Sannan lambar da kuke bayarwa a kira, na gwada har katina ya kusa ƙarewa, ana ɗauka ana katsewa. In ba za ku saurare mu ba ku daina karanta ta.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Zariya, Maraɗi