Me zan ce wa 'yar farina ranar da za a kai ta?

Assalamu alaikum, Malam. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara basira. Daga unguwar Herwagana nake rubuto maka, nan cikin Gombe.

Saura mako 3 a ɗaura auren 'yata, kuma ita ce ta fari. Ɗaurin auren bai dame ni ba, domin wana ne waliyyi, shi zai karɓi sadaki ya ba da aure, ni ina can baya cikin jama'a. Abin da ya hana ni barci shi ne sallama. Bauchi za a kai ta, tafiyar kusan kilomita 150, kuma dangin ango sun ce kafin la'asar suke so su kama hanya. Ke nan ana idar da azahar goggonninta za su shigo da ita ɗakina a lulluɓe, ta durƙusa tana kuka, motoci na ta ham a ƙofar gida. Da wuya in samu minti 5. Ga kunyar 'yar fari: tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" nake cewa, saƙona kuwa ta bakin uwarta yake isa gare ta.

Na san abin da aka saba faɗa. Aure ibada ne, yi na yi, bari na bari, sai haƙuri, sai Allah ya yi miki albarka. Ban raina ko ɗaya ba. Amma ina tsaye a bakin ƙofa ranar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sallami ƙanwata, ya ƙara da cewa, "Kada in ga ƙafarki a gidan nan da sunan yaji." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Shekara 9 tana shan duka ba mu sani ba, sai da wata maƙwabciyarta ta yi tattaki ta zo ta gaya mana. Da na je na tarar da ita tana tuƙa tuwo da hannun hagu, na dama a ɗaure da tsumma. Na ce me ya hana ki magana? Ta ce, "Yaya, ai Baffa ya ce kada ya ga ƙafata."

Shi ya sa na zauna na rubuta nawa a bayan wata takardar gayyata. Ga shi:

"Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki girmama mijinki da iyayensa, sirrin ɗakinki kada ya fita, kada ya shiga waya. Ki yi haƙuri da rashi da halin mutane. Amma haƙuri daban, cuta daban. In abu ya fi ƙarfinki, kina da uba, ki sanar da ni ko baffanki, ba za mu kashe miki aure ba, gyara za mu yi. Ba ki taɓa saɓa mini ba, na yafe miki duniya da lahira, ni ma ki yafe mini. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki zuriya ɗayyiba."

Da na karanta wa wana, sai ya ce in cire tsakiyar. Wai ba a yi wa amarya zancen matsala ranar tafiya, mugun fata ne, kuma 'yan matan yanzu da ma kiris suke jira su ɗauko akwati. Ya ce in wata daga dangin ango ta ji, kafin motoci su kai Alƙaleri labari ya zama na ce ban yarda da ɗansu ba. Yaron kuwa, tsakani da Allah, ban san shi da wani aibu ba. Ni kuma na ce masa ai aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce in an ji tsoron saɓani a samo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. To, yaya danginta za su sani in an rufe mata baki tun daga zaure?

Uwarta ta kawo wata dabara. Ta ce in raba maganar biyu: zancen cuta in faɗa wa yarinyar mu kaɗai tun ana saura kwana 2, kafin gida ya cika da 'yan biki, ranar tafiya kuma in tsaya ga albarka kawai. Shi kuma angon in kira shi gefe in ce amana ce na ba shi, in yi masa addu'ar da Manzon Allah (SAW) yake yi wa wanda ya yi aure: Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair.

Dabarar ta kwanta mini, sai dai ina tsoron abu guda. In na faɗa a ɓoye, gobe ta kawo kuka, baffanninta da goggonninta za su iya kora ta da "koma ki yi haƙuri", tunda ba su ji daga bakina ba.

Malam, a gaban goggonninta zan faɗa, ko mu biyu? In kuma akwai lafazin da ya fi nawa laushi, wanda zai nuna mata ƙofa a buɗe take ba tare da ya zame mata lasisin yaji ba, don Allah ka karanto shi a shirin wannan makon, zan zauna da biro a hannu.

Wassalam.
Mai sauraronka, wani uba daga Gombe.